Saƙon da waya ta rubuta daga murya: Yadda ake gane wanda ya yanke, da abin da ya kamata mai karɓa ya yi

Wanda ya tsaya a tashar mota ta garin Keffi da ke Jihar Nasarawa da hantsi zai ga abin da ya zama ruwan dare a 'yan shekarun nan. Direba ko ɗan kasuwa zai kai waya kusa da bakinsa, ya yi magana, wayar ta mayar da maganar rubutu, shi kuwa ya danna aikawa ya sa ta a aljihu ba tare da ya duba abin da ta rubuta ba. A can Mararaba ko Lafiya ko Akwanga wani zai buɗe saƙon ya karanta, ya ɗauka cewa abin da ke gabansa shi ne abin da aka faɗa.

Sau da yawa hakan ne. Amma akwai ranar da wayar kan daina sauraro tun mai magana bai kai aya ba, ko ta tsallake kalma ɗaya a tsakiyar zance. Abin da ya sa lamarin ke da haɗari shi ne, a Hausa kalmomin da suka fi saurin salwanta su ne ƙanana, kuma su ne ke riƙe da ma'anar zancen: kalmar hani, wutsiyar adadi, da sharaɗin da ake faɗa a ƙarshe. Saƙon da ya rasa su yakan iso sumul, babu alamar rauni a jikinsa.

Saƙo iri biyu ne, kuma maganinsu ya bambanta

Abu na farko da mai karɓa zai tantance shi ne inda aka yi rubutun, a wayar mai aikawa ko a tasa.

Iri na farko shi ne shifta. Mai aikawa yana taɓa alamar makirfo da ke kan allon rubutu, kamar Gboard na kamfanin Google, ya yi magana, kalmomi su riƙa fitowa, sannan ya aika su. A watan Oktoba na 2024 ne Google ya sanar da ƙara wasu harsunan Afirka a wannan tsari, ciki har da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka na Najeriya. A wannan iri, abin da ke isa ga mai karɓa rubutu ne zalla. Muryar ba ta biyo shi ba, don haka babu inda zai koma ya saurara. Mutum ɗaya ne ya san abin da aka faɗa, wato wanda ya faɗa.

Iri na biyu shi ne saƙon murya da aka aiko da shi a matsayin murya, sai wayar mai karɓa ta rubuta masa shi. WhatsApp ya fito da wannan a watan Nuwamba na 2024. Ana kunna shi ta Settings, sai Chats, sai Voice message transcripts, sannan a danne saƙon a zaɓi Transcribe. Lokacin da aka ƙaddamar da shi, harsuna kaɗan yake ji a wayoyin Android, irin su Turanci da Fotugis da Sifaniyanci da Rashanci, babu Hausa a cikinsu. Saboda haka malamin jami'a ko ma'aikacin ofis da ya kunna shi a kan Turanci, idan aka aiko masa da saƙon da aka gauraya Turanci da Hausa, zai iya ganin ɓangaren Turancin ya fito, na Hausar kuwa ya ɓace ko ya rikiɗe ya koma wasu kalmomin Turanci marasa kan gado. Sauƙin wannan iri shi ne asalin muryar tana nan. Duk wanda ya yi shakka, sai ya kunna ya saurara da kunnensa.

Mafi yawan abin da zai biyo baya ya shafi iri na farko ne, domin shi ne wanda ba a iya gyara shi sai da komawa ga mai shi.

Abin da ke sa waya ta daina sauraro

Na'urar da ke mayar da magana rubutu ba ta san mutum ya gama zancensa ba. Shiru take aunawa. Idan ta ji an yi tsit na 'yan daƙiƙu, sai ta ɗauka an kammala, ta rufe makirfo. To, mai magana da Hausa yakan dakata a wurare sanannu: bayan sallama da gaisuwa, lokacin da yake lissafi a zuci, da kuma daf da zai ce "amma" ko "sai dai". Idan wani ya gaishe shi ya waiwaya ya amsa, dakatawar ta ƙara tsawo. Zai dawo ya ci gaba da zuba zance, alhali makirfo ya riga ya rufe.

Dalili na biyu shi ne hayaniya. A bakin titin da ya taso daga Abuja ya ratsa Keffi zuwa Akwanga, ƙarar tirela da hon ɗin Keke Napep da janareton masu cajin waya sukan danne muryar mutum na ɗan lokaci. Gaɓar da ta faɗo cikin wannan lokaci ta tafi ke nan. Doguwar kalma kamar "alhamdulillahi" takan tsira, domin ko an rasa rabinta na'urar za ta cike sauran. Gajeriyar kalma kamar "ba" ko "kar" ko "sha" gaɓa ɗaya ce tak, hon guda ya isa ya shafe ta.

Na uku shi ne layin sadarwa. Ga harshen da ba a sauke kayan aikinsa cikin wayar ba, muryar takan bi intanet ta je manyan na'urorin kamfani, rubutun ya dawo. Idan sabis ya yi rauni a tsakiyar jimla, ko data ta ƙare, ko kira ya shigo, sauraron yakan katse. Matafiyin da ke shifta cikin mota tsakanin Keffi da Garaku, misali, yana wucewa daga wannan turken sadarwa zuwa wancan, kuma ba ko'ina ne ƙarfin sabis yake ɗaya ba.

Na huɗu shi ne gaurayar harshe. Keffi gari ne na jami'a da kasuwa, inda ake jin Hausa da Turanci da buroka da Fulatanci da Gwandara da Eggon da Mada a wuni guda. Allon rubutun da aka saita a kan harshe ɗaya yakan rikice idan aka sauya masa harshe a tsakiyar jimla. Haka kuma sunayen ƙauyuka da na mutane da na magunguna sukan ba shi wahala, domin bai saba jin su ba.

A kan duk waɗannan akwai wata ɗabi'a ta na'urorin zamani da ya kamata a sani. An gina su ne su fitar da jimla mai kama da daidai. Idan ba su ji wani abu ba, ba sa barin gurbi ko ɗigo-ɗigo su ce nan an rasa kalma. Sukan haɗe bakin zancen, wasu ma har su sa aya a ƙarshe. Shi ya sa kyawun rubutu ba ya zama shaidar cikarsa.

Misali guda, daga farko har ƙarshe

A ce wani ɗan kasuwa a Keffi ya sayi riɗi buhu 25 a Doma, ya yi ciniki da mai mota a kan naira 2,000 kowane buhu, jimla naira 50,000, bisa sharaɗin sai kaya sun sauka za a biya. Ƙaninsa da ke shago a Mararaba shi ke riƙe da asusun banki. Yana tsaye a bakin titi sai ya taɓa makirfo ya ce:

"Salamu alaikum. Kada ka biya mai mota yanzu. Kuɗin buhu ashirin da biyar ne, amma sai kayan sun iso Keffi."

Kalmomi 20 ne cif. Daidai lokacin da ya buɗe baki zai ce "kada", wata tifa ta danna hon. Bayan ya ce "ne" kuma, ya tsaya amsa gaisuwar wani, makirfo ya rufe. Abin da ya isa Mararaba shi ne:

"Salamu alaikum ka biya mai mota yanzu kuɗin buhu ashirin da biyar ne."

Duk wanda ya karanta wannan zai ga umarni ne cikakke. Akwai sallama, akwai wanda za a biya, akwai lokaci, akwai adadi. Idan ƙanin ya tura kuɗin nan take, sun fita daga hannunsa, kuma kowa ya san kuɗin da aka tura ta waya ba a dawo da su da danna maɓalli, sai da yardar wanda ya karɓa ko doguwar bibiya ta banki. Kayan kuwa ba su ko bar Doma ba.

Masu auna ingancin irin waɗannan na'urori suna da lissafi mai sauƙi. Sukan tara kalmomin da aka musanya da waɗanda aka yar da waɗanda aka ƙara, su raba da yawan kalmomin da aka faɗa. A misalinmu an yar da bakwai cikin 20, wato kashi 35 cikin ɗari. Amma a lura da wani abu. Ko da a ce "kada" kaɗai aka rasa, kuskuren zai zama ɗaya cikin 20, kashi 5 cikin ɗari kawai, na'urar ta ci kashi 95, amma jimlar da ta fi kowace muhimmanci ta juye daga hani zuwa umarni. Wannan lissafi yana ƙirga kalmomi ne ɗaya-ɗaya, bai san wadda ta fi wata nauyi ba. Don haka idan aka ji kamfani na yabon na'urarsa da yawan kashi, wannan bai ce komai ba game da saƙon da ke hannun mutum a yanzu.

Sawun da kalmar da ta faɗi takan bari

Nahawun Hausa yana taimakon mai karatu a wasu wurare, a wasu kuma yakan bar shi a duhu. Sanin bambancin shi ne rabin kariya.

Korewa ta shuɗaɗɗen lokaci da ta lokaci mai zuwa tana da "ba" biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya: "ba su zo ba", "ba zan samu zuwa ba". Idan ɗaya ta faɗi, ɗayar takan tsaya ita kaɗai ta tona asiri. Wanda ya ga "zan samu zuwa ba" ko "ba zan samu" ya san an yi ɓari. Kada ya ɗauki wannan "ba" a matsayin tuntuɓen rubutu ya share ta a zuciyarsa. Ita ce shaidar cewa abokiyarta ta salwanta.

Amma "kada" da "kar" ba su da abokiyar tafiya. "Kada ka sha" idan ta rasa kanta sai ta koma "ka sha". Haka korewar lokaci mai ci: "ba na so" takan koma "na so", "ba ya nan" ta koma abin da mai karatu zai gyara da kansa ya ce "yana nan". Ga kuma wani ƙarin ruɗani da ke cikin rubutun boko shi kansa, wanda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Ka biya" a rubuce tana iya zama umarni, tana iya zama labari cewa ka riga ka biya, tana iya zama tambaya. Kunne yana rarrabe su, ido ba ya iyawa, musamman idan babu alamar tambaya.

Lambobi su ma haka. Hausa tana gina adadi daga babba zuwa ƙarami, saboda haka duk inda aka yanke shi, abin da ya rage adadi ne mai zaman kansa. "Dubu ɗari biyu da hamsin" idan ta yanke ta zama "dubu ɗari biyu", ko ma "dubu ɗari". "Sha biyar" idan ta rasa "sha" ta zama "biyar". "Ƙarfe huɗu saura kwata" ta zama "ƙarfe huɗu". A umarnin shan magani kuwa, "ɗaya da safe, ɗaya da dare, na kwana biyar" tana iya tsayawa a "ɗaya da safe", kuma babu abin da zai nuna akwai saura.

Sai tsarin zancenmu. Bahaushe ba ya fara magana da buƙata. Yakan yi sallama, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, sannan ya gangaro kan abin da ya kawo shi, sharaɗi kuma ya zo a can ƙarshe. Tun da yankewa daga ƙarshe take ci, gaisuwa ce ke tsira, ƙashin bayan zancen ya tafi.

Daga nan ake samun alamomin da mai karɓa zai riƙa dubawa. Saƙon da ya ƙare da "amma", "sai", "idan", "da", "domin" ko "kuma" a fili yake bai kai ba. Saƙon da ya ce "abu biyu nake so" sannan ya kawo ɗaya, da saura. Mutumin da ya saba rufe saƙonsa da "na gode" ko "sai na ji daga gare ka", yau kuma babu, a yi tsammanin an yanke shi. Rubutu mai tsawo babu waƙafi babu aya, ko wanda kalmomin Turanci suka faɗo cikinsa ba gaira ba dalili, alama ce ta cewa da baki aka yi shi. Alamar da ta fi duka ƙarfi ita ce saƙo ya saɓa wa abin da aka sani. Ƙanin nan na Mararaba ya san yayansa bai taɓa biyan mai mota kafin a sauke kaya ba. Wannan sanin ya fi rubutun da ke kan allo ƙarfi.

Wani lokaci saƙon bai yanke ba, ɓuya ya yi

Kafin a ɗora wa mai aikawa ko na'urarsa laifi, a tabbatar an ga saƙon duka. Sanarwar da ke faɗowa a saman allo layi ɗaya ko biyu kawai take nunawa. A WhatsApp kuma dogon saƙo yakan naɗe, sai an taɓa Read more sauran zai bayyana.

Gajeren saƙon tes na layin waya yana da nasa sirrin da ya shafi Hausa kai tsaye. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 idan duka na Turanci ne. Amma haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin wancan jeri. Da zarar ɗaya ya shiga, yawancin wayoyi sukan sauya tsari, saƙo ɗaya ya koma ɗaukar haruffa 70 kacal, wanda ya wuce haka kuma a datsa shi gida-gida, kowane gida haruffa 67. Saƙon ɗan kasuwar nan haruffa 106 ne idan aka haɗa da tazara da alamomi, kuma akwai ɗ a cikin "kuɗin". Da ta tes ya tafi cikakke, gida biyu zai zama, na farko ya tsaya a kan "buhu ashirin da", na biyu ya ɗauko daga "biyar ne". A ƙa'ida wayar mai karɓa ita ke haɗe su, amma idan sabis ya yi tangarɗa gida ɗaya yakan makara. Jinkirin minti biyu ko uku kafin a yanke hukunci yakan warware wannan.

Saƙon murya ma yakan yanke tun daga tushe. Wanda ya danne makirfo na WhatsApp da yatsa, da zarar yatsan ya ɗaga, abin da aka ɗauka ya tafi. Idan an saurari murya aka ji ta katse a tsakiyar kalma, to babu wata na'urar rubutu da za ta dawo da abin da ba a ɗauka ba.

Yadda za a mayar da amsa

Ba kowane saƙo ne ya cancanci bincike ba. Gaisuwar Juma'a da ta rasa kalma ba ta cutar da kowa. Awon da za a yi shi ne a tambayi kai: idan na aikata abin da wannan saƙo ya ce, sannan ya zamana ba haka ake nufi ba, zan iya janyewa? Tura kuɗi, shan magani, kama hanya, sayar da kaya, sanar da rasuwa ko ɗage biki duk abubuwa ne da in an yi su an yi su. A irinsu, kira ya fi komai. Kuɗin kiran minti ɗaya bai kai komai ba idan aka gwada shi da naira 50,000.

Idan kira bai shiga ba, sai a rubuta. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, su aika da "To", ko "Ban gane ba", ko alamar tambaya kaɗai. "To" takan sa mai aikawa ya saki jiki cewa an fahimce shi. "Ban gane ba" kuma takan sa ya sake shifta a cikin hayaniyar da ta ɓata na farko. Abin da ya fi shi ne a maimaita masa abin da aka fahimta, a rubuta adadi da alƙaluma, a gaya masa inda saƙon ya tsaya, sannan a ba shi zaɓi biyu da ba su yi kama da juna ba. Ƙanin zai iya cewa:

"Yaya, barka da rana. Saƙonka ya tsaya a kan 'biyar ne'. Abin da na fahimta shi ne in tura wa mai mota naira 50,000, kuɗin buhu 25, yanzu. Ban tura ba tukuna. Ka amsa mini da kalma ɗaya: TURA ko DAKATA."

Hikimar zaɓin kalmomin nan ita ce, amsar ma tana iya zuwa ta baki ta rasa gaɓa. Da ya tambaya "In tura?", amsar "kar ka tura" za ta iya isowa a matsayin "ka tura", a koma gidan jiya. "Dakata" kuwa ko ta rasa gaɓa ba za ta rikiɗe ta zama "tura" ba. Kuma muddin amsa ba ta zo ba, shiru ba izini ba ne.

Wannan dabara ta maimaitawa ita ce ƙa'idar matuƙa jiragen sama, kuma da tsada aka ƙara ƙarfafa ta. A ranar 27 ga Maris, 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi na tsibirin Tenerife cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Daga cikin abubuwan da bincike ya gano akwai cewa jami'in hasumiya ya faɗi kalmar amincewa, ya biyo ta da umarnin a dakata, amma daidai lokacin matuƙan ɗaya jirgin suka yi magana a kan zango ɗaya, ƙara ta danne umarnin, kalmar farko ce kawai ta fita sarai. Bayan wannan ne aka tsaurara kalmomin da ake amfani da su a rediyon jirage, tare da nanata cewa matuƙi ya maimaita muhimmin umarni kafin ya aikata. Abin da ya faru da saƙon ɗan kasuwar riɗi ɗan ƙaramin samfuri ne na wannan: farkon magana ya isa, sharaɗinta ya maƙale a hanya.

Game da magani, kada a dogara da saƙon da ɗan'uwa ya shifto daga bakin asibiti. A nemi ya ɗauki hoton takardar likita ko rubutun da ke jikin kwalin, in kuma da sauran shakka a koma wurin mai ba da magani. Majinyacin da aka sallamo daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, ko wani asibiti, takardar da ke hannunsa ita ce madogara. Lambar asusun banki ita ma haka. Lambobi goma ne, a ƙirga su, sannan a karanta sunan da ya fito kafin a tura.

Ladabi da amana

Saƙon da ya yanke yakan yi kama da gatse ko fushi. Wanda ya rasa "don Allah" da "idan ka samu hali" sai ya koma umarni mai kaushi. Kafin a yi fushi da suruki ko maigida a kan rubutu, a tuna wataƙila wayarsa ce ta cinye tausasawar. Wajen tambayar babba kuwa, a ɗora abin a kan waya, domin gaskiyar ke nan: "Baba, Allah ya ƙara girma, saƙon bai iso duka ba, ina jin sabis ne. Zan kira yanzu in ji daga bakinka." Babu dattijon da zai ji haushin wannan.

Akwai kuma nauyi a kan masu karanta wa wasu saƙo, kamar ɗalibin da ke karanta wa mahaifiyarsa ko yaron shago da ke karanta wa maigidansa. Amanar mai karatu ita ce ya faɗi abin da ke rubuce, ya kuma faɗi inda ya tsaya. Kada ya cike gurbi da zato ya miƙa shi tamkar maganar mai aikawa. Ya ce, "Inna, nan ya tsaya, da alama akwai saura." Haka kuma kada a tura irin wannan saƙo zuwa zauren dangi ko na unguwa kafin a tabbatar, musamman na rashin lafiya ko rasuwa ko tashin hankali. "Bai rasu ba" da ta rasa kai da wutsiya ba ƙaramar fitina za ta tayar ba.

Idan mai aikawa ya gane kuskuren, a roƙe shi ya aiko da sabon saƙo maimakon gyara tsohon. WhatsApp yana ba da damar gyara cikin minti 15, kuma yakan sa alamar Edited, amma ba ya buga wa mai karɓa ƙararrawa cewa an canza wani abu. Wanda ya riga ya karanta ya tashi aiwatarwa ba zai koma ya duba ba.

Mai karɓa na yau shi ne mai aikawa na gobe. Wanda zai yi shifta ya jira har allon ya nuna Speak now kafin ya fara, ya matsa daga bakin titi, ya faɗi jimla ɗaya ya duba, ya rubuta adadi da yatsa, sannan ya sa hani a cikin kalma mai nauyi, ya ce "dakata da biya" maimakon "kar ka biya". Iyalai da abokan ciniki kuma za su iya yin yarjejeniya mai sauƙi, cewa duk saƙo mai muhimmanci a rufe shi da "shi ke nan". Ranar da saƙo ya iso babu ita, mai karɓa ya san da saura, sai ya ɗaga waya ya tambaya. Hausawa dai sun ce matambayi ba ya ɓata.